Daga "ku maimaita" zuwa wayar Legas: darasin magana guda a ajin yamma a Jos

Ajin da nake koyarwa na manya ne, a wani ɗakin karatu da muke aro ta wajen Unguwar Rogo. Muna shiga 4:30 bayan la'asar, mu tashi 5:50 don mutane su samu magariba, wato minti 80 ke nan. Ɗalibai 22 ne a rajista, akasarinsu 'yan gwari daga kasuwar Farin Gada, sai mata shida masu sarin dankalin Turawa da kabeji. Babu wanda ya zo neman satifiket. Abin da ya kawo su ɗaya ne: masu saye na kiransu daga Legas da Fatakwal, su kuma da zarar Turanci ya tsinke a waya sai su miƙa wa yaron shago ko ɗan kamasho, cinikin ya bi ta hannun wani.

Darasin da zan ba da labarinsa sau biyu na koyar da shi, tsakani mako guda. Na farko ya rushe, na biyu ya tsaya da ƙafafunsa, ko da yake da ɗingishi. Batun da aka koyar bai canja ba, tsarin ne ya canja.

A karon farko na bi tsarin da aka koya mana a kwas, wanda malamai ke taƙaitawa da PPP: ka gabatar da sabon abu, a yi atisaye, sannan ɗalibi ya yi amfani da shi da kansa. Na rubuta tambayoyi biyu a allo, "How much is a basket of tomatoes?" da "How many baskets do you want?", na bayyana su, muka shiga maimaitawa. Ajin ya ɗauka kamar karatun allo, murya ɗaya, har masu wucewa na leƙowa. Daɗin hakan ya ɗebe ni, ban farga ba sai da muka cinye kusan minti 40. Daga nan na ce to, kowa ya kama abokinsa, ɗaya mai saye ɗaya mai sayarwa, ku yi ciniki da Turanci.

Ɗakin ya yi tsit. Can sai wani dattijo da duk ajin ke kira Baba ya dubi na kusa da shi ya karanto tambayar farko daga allo, wancan ya amsa, suka dubi juna, sai Baba ya ce, "To ai shi ke nan, Malam, mun gama." A bencin baya kuwa ciniki ya kankama sosai, amma da Hausa, ana ta "albarka" da "ƙara dai". Biyu sun koma Broka. Kafin in tattaro su an kira salla.

Da na zauna da daddare ina duba takardar shirina, laifin a fili yake. Shafi ɗaya da rabi na rubuta kan gabatarwa da maimaitawa, matakin ƙarshe kuwa layi ɗaya tak, wai su yi ciniki bibbiyu. Kuma a tsakanin maimaitawa da cinikin babu komai. A lokacin maimaitawa ni ke riƙe da abubuwa uku: ni na zaɓi kalmomin, ni na san amsar, ni na yanke abin da za a faɗa gaba. Cikin daƙiƙa ɗaya na sakar musu duka ukun. Mutumin da bai taɓa ɗaukar ko ɗaya ba aka ɗora masa uku, dole ya sauke ya koma harshen da ya iya. Akwai kuma laifi na biyu da Baba ya nuna min ba da niyya ba. A Farin Gada ba kasafai ake cinikin tumatir fuska da fuska da Turanci ba, akasari Hausa ake yi a kasuwa. Na sa su wasan da suka san ba ya faruwa, kuma babu abin da ɗaya ya sani wanda ɗayan bai sani ba. Me zai sa a yi tambaya?

Saboda haka a karo na biyu daga ƙarshe na fara shiri. Kafin in rubuta komai na tsayar da abin da nake son gani da ƙarfe 5:30: mutum biyu sun ba juna baya kamar a waya, ɗaya na kira daga Legas da kuɗi ƙayyadaddu a hannu, ɗaya na Farin Gada da kaya ƙayyadaddu, su daidaita kan kaya da adadi da farashi ba takarda a gabansu, kuma in an gama abin da kowanne ya rubuta ya zo daidai da na ɗan'uwansa. Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ne ma'aunina, domin da shi zan san an fahimci juna ko an yi surutu kawai.

Da na san inda za a sauka, sai na tambayi kaina wane Turanci ne ba makawa sai da shi. Na rage zuwa abu uku. Na farko bambancin "how much" da "how many", wanda ke ba Bahaushe wahala don dalili mai sauƙi: mu "nawa" ɗaya gare mu. Kwando nawa, nawa ne kwando, duk nawa ce. Turanci ya raba, ɗaya na kuɗi da abin da ba a ƙirgawa, ɗaya na abin da ake ƙirgawa ɗai-ɗai. Na biyu lambobin da ke kama da juna a kunne, 13 da 30, 15 da 50, har zuwa 19 da 90. Na uku jimlar tabbatarwa, "Did you say fifteen or fifty?", da 'yar gajeruwarta, "One-five or five-zero?"

Wannan ta ukun ita na fi ba muhimmanci. Littattafai kan ce bambancin 15 da 50 a wurin nauyin murya yake, ta farko a gaɓar ƙarshe, ta biyu a gaɓar farko. Gaskiya ne idan lambar na tsaye ita kaɗai. Amma da zarar suna ya biyo ta, kamar a "fifteen baskets", nauyin yakan dawo gaba, sai ya zama ɗan "n" ɗin ƙarshe da tsawon wasalin ne kawai suka rage, su kuma layin waya mara kyau na iya haɗiye su. Turawan da kansu suna tambayar juna. Don haka ko na shekara ina gyara lafazi, abin da zai tsare wa ɗan kasuwa kuɗinsa shi ne ya iya tsayar da mai magana ya tabbatar. Na kuma yanke shawarar barin wasu abubuwa da gangan. Rabin ajin na furta "f" ɗin Turanci da leɓɓa biyu yadda muke yi a Hausa, har ta yi kama da "p". Na bar shi. Mai saye a Legas zai gane "fifty" ko da wace irin "f" aka faɗe ta, abin da ba zai gane ba shi ne ko 15 ake nufi.

Sai rabon lokaci, shi ma daga baya na ƙirgo. Na ware minti 9 na ƙarshe don gyara, minti 18 kafin su don wayar, minti 5 na shiri kafin wayar. Na rubuta a saman takardata da jan biro cewa ƙarfe 5:18 komai muke yi za a tsaya. Matakin sakin linzami shi ne na ƙarshe, shi ya sa kullum shi lokaci ke cinyewa, alhali dominsa aka zo. Abin da ya rage, minti 48, shi na raba wa sauran.

Ranar darasin hunturu ya sauko, kowa da rigar sanyi, tagogi a rufe. Ban rubuta komai a allo ba. Na kunna musu wata 'yar waya ta daƙiƙa 40 da muka ɗauka da wata abokiyar aikina, ita mai saye ni mai sayarwa. Kafin in kunna na ba su tambaya ɗaya da Hausa: me take son saye? A ji na biyu: kwando nawa, kuma nawa? Nan aka rabu, wasu suka ce 15 wasu 50, gardama ta tashi. Na bar ta ta ɗan yi zafi, don gardamar ta fi duk bayanin da zan yi kan amfanin darasin. Sannan muka tsamo jimlolin daga bakinsu zuwa allo, layi shida. Don in gwada fahimta ban ce "kun gane?" ba, tunda amsar kullum e ce. Na ɗaga takardar 500 na tambaya wace ce tata, "much" ko "many". Na ɗaga dankali uku na sake tambaya. Wannan duka ya ci minti 15.

Maimaitawa minti 10 kacal na ba ta a wannan karon, kuma na kakkarya ta. Duka aji sau biyu, ɓangaren dama ya tambaya na hagu ya amsa, sannan mutum ɗai-ɗai ba bisa jeri ba, don in ana bin layi na ƙarshe yakan yi barci har a zo kansa. Doguwar tambayar na gina ta daga wutsiya: "want", sai "you want", sai "do you want", sai "baskets do you want", har aka kai farko. Amfanin haka shi ne karin muryar ƙarshen jimla ba ya lalacewa, kuma harshe ba ya sarƙewa a tsakiya. Daga nan na daina magana, na koma ɗaga kwalaye masu zanen buhu, kwando, kabeji, albasa, su kuma suna sauya kalmar a cikin jimlar. A nan gyara nan take nake yi, kowane kuskure, saboda wannan ne kaɗai matakin da aikinsa daidaito ne. Wata Hajiya mai dankali ta ce "How much bags", na ɗaga yatsu ina ƙirgawa ba tare da na ce uffan ba, ta yi dariya ta gyara da kanta.

Abu na farko da na sakar musu shi ne rubutun. Hirar na allo, suna yin ta bibbiyu, ni kuma ina zagayawa da tsumma ina share kalma biyu ko uku bayan kowane zagaye. A zagaye na huɗu saura layuka da alamar tambaya kawai. Minti 8. Baba ya ce, "Malam, kana mana wayo fa," amma ya faɗi layinsa ba tare da ya ɗaga kai ba. Har yanzu kalmomin nawa ne, amsar ma kowa ya san ta, sai dai yanzu daga ka ake ɗauko su.

Mataki na gaba shi ne gadar da babu ita a makon jiya, kuma shi ya fi cin aikin shiri. Na yanka kwalaye iri biyu. A kan na farko akwai kaya shida, uku da farashinsu uku babu. A kan na biyu waɗanda babu a na farko su ne ke da farashi. Farashin na ƙirƙira ne, na kuma gaya musu haka, don in ba haka ba sai a bar Turanci a koma musun nawa tumatir yake yau. Da gangan na cika su da 13,000 da 30,000, 16,000 da 60,000. Aikin kowa ya cike gurbinsa ta hanyar tambaya. Jimlolin dai su ne na ɗazu, amma yanzu mai tambaya bai san amsa ba, sai ya saurara da gaske. Abu na biyu ke nan da na saki.

Umarnin da Hausa na bayar, a gajarce, sannan na kira mutum ɗaya muka gwada a gaban aji kafin in raba kwalayen. In ka raba takarda kafin ka gama magana, babu mai sauraronka kuma. Duk da haka sai da aka samu ɓaraka. Minti biyu da farawa na ga benci biyu sun gama, ashe sun jera kwalayen ne suna kwafa. Ba ha'inci suke nufi ba, a ganinsu aikin shi ne a cike gurbi, kuma ga hanya mafi sauri. Na sa kowa ya juya wa abokinsa baya, maza da maza, mata da mata yadda suka saba zama. Daga nan ɗakin ya canja. Sai ka ji ana ɗaga murya, "One-six or six-zero?", ba don na ce a faɗa ba, don ba a ji ba ne kuma ana bukatar a ji. A wannan matakin na rage gyara. Kuskuren da ya shafi abu ukun nan kawai nake taɓawa, shi ma a hankali a gefen kunne, sauran in wuce.

Ƙarfe 5:18 ta yi saura benci uku ba su gama ba. Na tsayar da su a haka, ran wasu bai so ba.

Minti biyar na shiri na raba ajin gida biyu. Masu saye suka taru a gefe guda da katinsu: kana da 400,000, kana son kaya iri biyu aƙalla, ka nemi ragi. Masu sayarwa a ɗaya gefen: ga abin da ke gare ka, ka sa farashinka da kanka, ka ƙudurta a ranka inda ba za ka sauka ƙasa da shi ba. Na yarda su yi shawara da Hausa, su kuma tambaye ni kalmar da suke so. Nan aka nemi abin da ban shirya ba. Wani matashi ya ce, "Malam, yaya ake cewa albarka?" Na ce Turanci ba shi da ita a kalma ɗaya, na ba su "Sorry, I can't sell at that price." Wata ta nemi na "nawa za ka sallama", na rubuta "What's your last price?", wadda ita ce ake ji a kasuwannin ƙasar nan. Biyun nan kaɗai na ƙara, na share sauran allon. Abu na uku ya fita daga hannuna ke nan: abin da za a faɗa da inda hirar za ta nufa.

Zagayen farko minti 7. Na koma jikin bango da 'yar takarda, na kama bakina, wanda shi ne mafi wuya a aikin malanta. Abin da na ji ba mai daɗi ba ne duka. "How much baskets" ta dawo a benci huɗu, har da bakin Hajiyar da ta gyara kanta ɗazu. Wannan ba ya nufin maimaitawar ta tashi a banza. Hankalin mutum ba ya ɗaukar komai lokaci guda. Da ya koma kan lissafin kuɗi da neman ragi, sai sabuwar ƙa'ida ta zame, tsohuwar "nawa" ta hau. Da na tsoma baki a lokacin, da na samu jimla daidai na kashe cinikin. Na rubuta kawai. Wuri ɗaya na shiga, inda wasu biyu suka koma Hausa gaba ɗaya, na tsaya kusa da su na kara hannu a kunne kamar mai waya na ce mutumin Legas ne fa, ba ya ji. Suka yi dariya suka koma.

Da aka tsaya na ce kowane biyu su haɗa abin da suka rubuta. Mutum 20 suka zo ranar, benci 10 ke nan. Bakwai sun dace. A cikin ukun da suka saɓa, biyu lamba ce ta raba su: Baba ya sayar da buhu a 40,000, abokinsa ya rubuta 14,000 yana murna ya samu araha. Baba ya riƙe baki ya ce, "Da gaske ne da na shiga uku." Na tambayi abokin me ya hana shi tabbatarwa, ya ce ya ji kunyar sa dattijo ya maimaita. Wannan ban hango shi ba ko kaɗan, kuma ba matsalar Turanci ba ce. Na ce wa ajin a zagaye na biyu doka ce, duk lambar da aka faɗa sai mai saurare ya maimaita ta kafin ya rubuta, babba ne ya faɗa ko yaro.

Sannan aka sauya abokai aka sauya matsayi, mai saye ya koma mai sayarwa. Maimaita aiki iri ɗaya da sabon mutum yana da amfanin da ba a cika lura da shi ba: an riga an san yadda hirar ke tafiya, sai hankali ya samu sararin komawa kan kalmomi. A zagaye na biyu benci tara suka dace, hirarrakin sun fi tsawo, na kuma ji mutum biyu sun fara "how much" sun tsaya sun canja zuwa "how many" da kansu. Wannan tsayawar ita nake nema, ta fi min jimlar da aka faɗa daidai a cikin amshi.

A minti taran ƙarshe na rubuta jimloli biyar da na tsinta, ba sunan kowa, uku masu kuskure biyu masu kyau, na ce su nemo waɗanda ke bukatar gyara. Sanya masu kyau a ciki na hana a ɗauka duk abin da ya hau allo abin kunya ne, ga manya kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ɗaya daga masu kyaun ba ni na koyar da ita ba, wata ce ta ce "Send your account number" don rufe ciniki, na sa duka ajin suka ɗauka.

Akwai inda tsarin bai kai ba. Mutum biyu da ba su iya karatun boko sosai ba sun sha wuya da kwalayen, da na sa zane maimakon sunan kaya da sun fi sakewa. Masu Broka kuma sun gama cinikinsu lafiya ba tare da sun taɓa jimlolin darasin ba, kuma a gaskiya mai saye a Fatakwal zai fahimce su sarai. Abin da na iya yi shi ne haɗa su da waɗanda ba sa jin Broka a zagaye na biyu. Sannan jimillar kuɗi ta kayar da kusan kowa. Farashin buhu ɗaya suna faɗinsa, amma da aka zo 375,000 sai a koma Hausa ko a yi shiru, don ban koyar da lambobi masu ɗaruruwan dubbai ba, alhali katin da na rubuta da hannuna ya tilasta su. Darasin Talata mai zuwa daga nan zai tashi: wayar dai ita ce, amma da jimilla da kuɗin mota zuwa Legas, kuma kwalayen matakin tsakiya na riga na fara zana su da buhuna da kwanduna.